Motar da ke tafiya taku-taku, da yadda ƙafafu huɗu ke juya ta

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ya ga murfin bakinta yana ɗagawa yana sauka a hankali. Galibi wata 'yar ƙaramar mota ce ke wannan aiki, irin wadda ake kira sitefa. Ta bambanta da motar fanka, wadda da an ba ta wuta sai gudu. Ita sitefa taku ɗaya take yi ta tsaya, sai an sake ba ta umarni.

Mu ɗauki wadda ɗalibai suka fi samu, 28BYJ-48 mai aiki da bolt 5. A cikinta akwai maganaɗisu mai juyawa da naɗin waya huɗu, abin da masu gyara ke kira kwayil. Wayoyinta biyar ne: ja ita ce ta wuta, sauran huɗun kowacce da kwayil ɗinta. Idan wuta ta shiga kwayil na farko, maganaɗisun zai juyo ya daidaita da shi. A kashe shi a kunna na biyu, sai ya matsa gaba. Sirrin duka a jerin kunnawar yake.

A rubuta 1 ga kwayil mai wuta, 0 ga marar wuta. Jeri mafi sauƙi shi ne 1000, 0100, 0010, 0001, sannan a koma farko. Yana tattalin wuta, amma ba shi da ƙarfi sosai. Shi ya sa aka fi son cikakken taku na kwayil biyu-biyu: 1100, 0110, 0011, 1001. Kwayil biyu na ja tare, maganaɗisun ya tsaya a tsakaninsu. Girman takun bai canja ba, ƙarfin ne ya ƙaru, cin wuta kuma ya ninka.

Rabin taku kuwa haɗa jerin biyu ne, ɗaya daga nan ɗaya daga can, su zama matakai takwas. Maganaɗisun ya tsaya a gaban kwayil, ya tsaya a tsakani, ya sake tsayawa a gaban na gaba. Cikin motar yana juyi ɗaya da cikakken taku 32, giyar da ke gabansa kuma tana rage gudun kusan sau 64. Ke nan sandar waje na bukatar cikakken taku kusan 2048, ko rabin taku kusan 4096, kafin ta zagayo. Na ce kusan, don giyar ba ta cika 64 cif ba, kuma wanda ya gina agogo da ita zai ga ɓatan lissafi bayan zagaye da yawa.

Kada a jona motar kai tsaye da Arduino. Kowane kwayil na jan kimanin miliamfa 100, ƙafar Arduino Uno kuwa 20 aka so ta ɗauka. Allon ULN2003 shi ke shiga tsakani: a haɗa ƙafafu 8, 9, 10 da 11 da IN1 zuwa IN4, a ba allon wutarsa daban, a kuma haɗa GND ɗinsu wuri ɗaya. Bayan an mayar da ƙafafun OUTPUT, wannan ya isa:

```
byte jeri[8] = {0b1000, 0b1100, 0b0100, 0b0110,
                0b0010, 0b0011, 0b0001, 0b1001};
byte i = 0;
void taku() {
  for (byte k = 0; k < 4; k++)
    digitalWrite(8 + k, (jeri[i] >> (3 - k)) & 1);
  i = (i + 1) % 8;
  delay(2);
}
```

Duk kira ɗaya rabin taku ne. Kira 1024 zai ba da rubu'in zagaye cikin sakan biyu da 'yan kai. Don komawa baya, a maye `i + 1` da `i + 7`. Don cikakken taku mai ƙarfi, a fara `i` daga 1 a riƙa ƙara 2.

Idan motar tana kyarma tana gurnani ba ta juyawa, abu biyu ake fara zargi. Ko dai jinkirin ya yi kaɗan har maganaɗisun ya kasa bin jerin, ko kuma an musanya wayoyi. Akwai tarko ma a nan: masu amfani da `Stepper.h` sai sun rubuta ƙafafun a jerin 8, 10, 9, 11, in ba haka ba sau da yawa motar ta ƙi komawa baya. Gwajin ba wuya. A mayar da jinkirin `delay(500)`, a zuba wa ƙananan fitilu huɗu na allon ido. Ya kamata hasken ya riƙa tafiya daga wannan zuwa maƙwabciyarta. In yana tsallake, jonin ne ko jerin.

Ko tana tsaye, muddin akwai kwayil a kunne, motar na cin wuta tana ɗumi. Idan ba kaya take riƙe da shi ba, mai karatu, ka tura mata 0000 da zarar ta gama aiki.