Wayar ta lalace, kuɗinka kake so: yadda ake tsara imel na farko

Mu Hausawa ba ma fara wasiƙa da buƙata. Sai an yi sallama, an tambayi iyali da aiki da gajiya, an kawo labari daga tushensa, sannan can a ƙarshe a ce "dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne". Tsakanin ɗa da uba, ko tsakanin abokai, wannan ladabi ne mai kyau. Amma idan kantin da ya sayar maka da waya mai matsala kake rubuta wa, wannan tsarin kan jawo maka asara, kuma dalilin yana wajen mai karantawa.

Wanda zai buɗe imel ɗinka ba mai kantin ba ne. Ma'aikaci ne a sashen kula da abokan ciniki, saƙonni jibge a gabansa, aikinsa na farko kuma shi ne ya raba su gida-gida: wannan na gyara ne, wannan na canji ne, wannan na mayar da kuɗi ne, wannan tambaya ce kawai. Layi biyu ko uku na farko yake dubawa ya yanke hukunci. Idan abin da ya fara gani shi ne "wayata tana mutuwa da kanta", to a wurinsa matsalar na'ura ce. Sai ya turo maka amsar da suka tanada, cewa ka kashe ta ka kunna, ko ka goge komai ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko ka kai ta cibiyar gyara. Maganar kuɗin da ka binne a sakin layi na huɗu wataƙila bai kai gare ta ba. Ba lallai mugunta ce ba. Kai ne ka sa takardarka a layin gyara.

Mu ɗauki misali. Wata malamar makaranta a Zariya ta sayi waya daga wani kantin intanet a kan naira 185,000, aka kawo mata ranar 3 ga Maris. Kwana biyar bayan nan wayar ta fara kashe kanta duk lokacin da caji ya sauko wajen kashi 40, ba ta kuma tashi sai an jona ta da wuta. Ga yadda yawancinmu za mu fara: "Barka da aiki. Na daɗe ina sayayya a wurinku ban taɓa samun matsala ba. A watan jiya wayata ta faɗi, sai ƙanena ya ba ni shawarar in sayi sabuwa a wajenku..." A haka za a bi, a ƙare da "don Allah ku duba abin da za ku iya yi mini." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi muni a wasiƙar, domin ta miƙa wa kantin zaɓi, shi kuwa kanti abin da ya fi masa araha zai zaɓa. Ga kuma kalmar "faɗi" da ta shigo. Tsohuwar wayar malama take nufi, amma mai karatu cikin sauri yana iya ɗauka sabuwar ce ta faɗi, waranti kuwa ba ya ɗaukar faɗuwa.

Gyaran yana farawa ne daga kan saƙon, wato ɗan layin da ake gani tun ba a buɗe imel ba. Kada a rubuta "Koke" ko "Gaggawa" kawai, kada kuma a bar shi fayau. Abu uku ake so a ciki: buƙata, kaya, lambar oda. Na malama zai zama: "Neman mayar da kuɗi, naira 185,000, waya mai lahani, oda mai lamba kaza." Duk wanda ya ga wannan ya san inda zai tura shi, ko da bai karanta sauran ba.

Sai gaisuwa ta layi ɗaya, daga nan jikin saƙon:

"Ina neman a mayar mini da naira 185,000, cikakken kuɗin wayar da na saya a wurinku, oda mai lamba kaza, wadda na karɓa ranar 3 ga Maris. Wayar tana da lahani, kuma a shirye nake in dawo da ita.

"Tun ranar 8 ga Maris take kashe kanta idan caji ya kai wajen kashi 40, ba ta kunnuwa sai an sa ta a caji. Hakan na faruwa kullum. Cajar da ta zo cikin kwalinta nake amfani da ita. Na sabunta manhajarta, na kuma goge komai na mayar da ita yadda ta zo, matsalar ba ta tafi ba. Ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, ba wanda ya buɗe ta.

"Na haɗo rasit, da hoton kwalin mai nuna lambar IMEI, da bidiyon wayar tana mutuwa. Ku sanar da ni yadda zan dawo da ita, ku kuma mayar da kuɗin ta hanyar da na biya kafin ranar 26 ga Maris."

Sai suna da lambar waya, wata lambar da ke aiki, ba wadda ke cikin matacciyar wayar kaɗai ba. Shi ke nan. Duka saƙon bai wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da dogon ja ba.

A lura da sakin layi na biyu, don a nan mutane suka fi tuntuɓe. "Wayar ba ta da kyau" ko "batirin banza ne" ra'ayi ne, ana iya musa shi. "Tana mutuwa a kashi 40" abu ne da injiniyan kantin zai iya gwadawa da hannunsa ya gani. Faɗi abin da wayar take yi, yaushe ta fara, sau nawa take yi. Kada ka ce ga abin da ya lalace a cikinta, ko da kana da yaƙinin batiri ne, domin da zarar ka ce batiri, amsar da za ka samu ita ce "kawo mu canza batiri", ka koma layin gyara. Lissafa abin da ka riga ka gwada kuwa yana rufe ƙofar amsar nan ta "kashe ki kunna". Jimlar faɗuwa da ruwa da buɗewa ma ba ado ba ce, su ne hujjoji uku da aka saba ƙin karɓar waya da su. Amma sai in gaskiya ce za ka rubuta. Wayoyi da yawa suna da ɗan tambari a ciki da ke sauya launi idan ruwa ya shiga, sukurorin da aka kwance kuma suna nunawa. Shi ya sa, in kana da niyyar neman kuɗinka, kada ka fara kai ta wurin mai gyara na bakin titi, komai gwanintarsa. Yaran Farm Centre a Kano suna iya tayar da wayar da aka fid da rai da ita, amma da sun buɗe ta, kantin ya samu abin fakewa.

Lambar IMEI ita ce ke nuna cewa wayar da ke hannunka ita ce dai wadda suka sayar maka. Lambobi 15 ne, kana ganinsu idan ka danna *#06#, suna kuma jikin kwali. Waya mai layi biyu tana da guda biyu. Idan wayar ta ƙi tashi gaba ɗaya, na jikin kwalin ya isa, dalili ke nan da ba a yar da kwali da wuri. Bidiyon kuma a ɗauke shi da wata wayar, gajere, yana nuna adadin cajin da lokacin da ta ɗauke. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a matsayin haɗi, saboda haka a taƙaita shi ko a ɗora a Google Drive, a kuma tabbatar an buɗe wa mai karɓa damar kallo.

Game da doka, akwai abin da ya kamata mai saye a Najeriya ya sani. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai lahani cikin wata uku da karɓarsa, ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwar kuma a kan mai sayarwa. Abin da ta ɗora wa mai sayarwa shi ne ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Hanyoyi uku ke nan, shi ya sa dole ka faɗi wadda kake so da bakinka. Kantuna kuma suna da nasu wa'adin karɓar kaya, wanda sau da yawa kwanaki ne kaɗan, kuma a cikinsa ne mayar da kuɗi ya fi sauƙi. Duba sharuɗɗan kantin kafin ka rubuta. In kana cikin wa'adin, faɗa a layi ɗaya. Ranar da malama ta karɓi waya, 3 ga Maris, ta shiga jimlar farko ne saboda daga ita ake fara ƙirga duka wa'adin biyu.

Ni dai a ganina, imel na farko ba wurin barazana ba ne. Wanda ya buɗe da "zan kai ku kotu, zan tona muku asiri a Facebook" ya harba harsashinsa na ƙarshe tun ba a ƙi shi ba, ma'aikacin kuma ya fara tunanin kare kansa maimakon biyan buƙata. Layi ɗaya mai sanyi ya isa: "Ina cikin wata ukun da doka ta tanada don mayar da kaya mai lahani." Haka kuma kada ladabi ya sa ka ce "in ba zai yiwu ba, ko canji ma na gode." Buƙata biyu a takarda ɗaya, ƙaramar za a ɗauka. In ka yarda da canji daga baya, wannan shawararka ce, amma bari su fara tayawa. Wa'adi kuwa a sa shi da kwanan wata, mako ɗaya ko biyu, domin "da wuri" ba ta da ranar cika.

Akwai abin da ba ya shiga imel ko kaɗan: lambar sirrin katinka, cikakkiyar lambar katin, da lambar nan da banki ke turowa ta tes. Ba kantin da ke buƙatarsu don ya mayar maka da kuɗi. 'Yan damfara suna farautar masu koke, su kira su ce daga kamfani suke, don haka adireshin da za ka aika wa ka ɗauko shi daga rasit ko manhajar kantin, ba daga wani da ya yi maka magana a kafar sada zumunta ba.

Idan amsa ta zo da tayin gyara, kada ka buɗe sabon imel. Amsa a ƙarƙashin nasu, domin tarihin maganar ya zauna wuri ɗaya, ka maimaita jimlarka ta farko da adadin kuɗin da ranar. In sun ba ka lambar koke, riƙa sa ta a kowane saƙo. Kafin wayar ta bar hannunka, kwashe hotunanka, cire asusunka na Google da layukanka da katin ajiya, ɗauki hotonta gaba da baya, ka kuma karɓi shaidar miƙawa a rubuce. In ranar da ka sa ta wuce shiru, wannan jerin saƙonnin, da rasit da bidiyo, su ne za ka haɗa ka shigar da ƙorafi a FCCPC.