Minti 75 na Ranar Juma'a: Yadda Ma'aikaci Zai Nemi Izinin Zuwa Masallaci

A Kano ko Sakkwato, da wuya ma'aikaci ya tsaya yi wa shugabansa bayanin inda za shi da azahar ɗin Juma'a, domin shi ma ogan can ya nufa. Amma a kamfani mai zaman kansa a Legas ko Fatakwal, inda manaja ba Musulmi ba ne kuma aiki na tafiya har ƙarfe biyar, sai an nemi izini. Yadda aka nema kuwa shi ne sau da yawa ke raba wanda aka amince masa da wanda aka fara yi wa kallon mai gudun aiki.

Kuskuren farko yana cikin abin da ake roƙo. Wanda ya ce yana so ya riƙa tashi da wuri ranar Juma'a, abin da manaja ke ji shi ne rabin yini ya tafi. Alhali sallar raka'a biyu ce bayan huɗuba, kuma Suratul Jumu'a da ta umarci a bar ciniki idan an yi kira, ita ce ta ba da damar a koma neman abinci da zarar an idar. Ke nan ga yawancin ma'aikata, ɗan lokaci ake bukata a tsakiyar yini, kuma ana iya ƙirga shi.

A ɗauki misalin akawu a wani kamfani da ke buɗewa ƙarfe takwas. Masallacin da ke kusa yana fara huɗuba ƙarfe 1:30, a tayar da salla ƙarfe 2:00, a sallame wajen 2:10. Tafiyar minti 15 ce a ƙafa. Idan ya fita 1:15 ya dawo 2:30, ya yi minti 75 a waje. Sashe na 13 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya tanadi hutun da bai gaza awa ɗaya ba ga mai aikin awa shida ko fiye a yini. Idan ya haɗa sallar da wannan hutu, abin da ya rage a kansa minti 15 ne kacal, wanda zai biya ta hanyar shigowa 7:45.

Da wannan lissafi zai shiga ofishin manaja, ranar Litinin ko Talata, lokacin da hankali ke kwance. Zai iya cewa: “Ranka ya daɗe, ina da sallar jam'i duk Juma'a. Ina neman izinin fita daga 1:15 zuwa 2:30. Zan haɗa da hutuna, in shigo da wuri in cike sauran, kuma na yi magana da abokin aikina zai riƙe mini teburi. Ko akwai tsarin da ya fi maka sauƙi?”

Tambayar ƙarshen nan tana da amfani, domin ta bar wa shugaba wurin da zai sa baki. Idan ya ce, “To wa zai karɓi kwastomomi?” alama ce ta ciniki ya buɗe, ba ƙi ya yi ba. A nan ake kawo musanya: abokin aiki Kirista ya riƙe Juma'a, shi kuma a riƙe masa Lahadi ko ranar Kirsimeti. Inda Musulmi ke da yawa, ana iya raba su biyu, tunda masallatan gari ɗaya ba lokaci ɗaya suke tayar da salla ba.

Gaskiya ne sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare 'yancin yin addini. Sai dai wanda ya buɗe baki da sashen doka ya mai da hira shari'a tun kafin a hana shi komai. Wurin wannan hujja shi ne takardar da za a kai wa sashen kula da ma'aikata, idan an ƙi ba tare da dalili ba.

Bayan an amince, yana da kyau a tura ɗan saƙon godiya a rubuce mai ɗauke da lokutan da aka yi yarjejeniya a kansu, saboda manaja na iya canzawa, sabon kuma bai san da maganar ba.

Abin da ya fi rusa irin wannan izini shi ne dawowa a makare. Gaisawa a ƙofar masallaci da tsayawa wajen mai abinci kan mai da 2:30 ta zama 3:15, kuma manajan da ya ga haka sau biyu ko uku zai fara neman hanyar janye alfarmar, har ga waɗanda ba su yi laifi ba. Shi ya sa ma'aikatan da suka daɗe a irin waɗannan wurare kan ci abincinsu kafin su fita, su ajiye takalmi kusa da ƙofar da za su bi, kuma idan ruwan sama ko cunkoso ya tsare su, su aika wa oga saƙo tun kafin lokacin dawowar ya cika.