Kai ya shiga, amma cajar tana iya ƙona kwamfuta

Shigar kan caja cikin ramin laftof ba ta nuna cewa wutar da take bayarwa ta dace ba. Kan nan mai faɗin milimita 5.5 ana samunsa a cajojin da ke fitar da volt 12, da masu 19, har da masu 24. A ce kwamfutar 19V 3.42A take buƙata, wato wat 65. In aka jona mata mai volt 24, wutar ta fi ƙarfin kayan da ke bakin allonta, suna iya ƙonewa nan take. In kuma an juya waya, + ta koma inda − take, ɓarnar ɗaya ce.

Wani zai ce ai tasa ta yi aiki lafiya. Wataƙila volt ɗin ya dace ne, amfiya ta gaza. Caja mai wat 45 tana iya kunna kwamfutar, sai dai ta riƙa zafi, batir ya ƙi cika, jabu kuwa in ta mutu tana iya sako wuta mai yawa. Amfiya da ta haura ba matsala, kwamfuta iya buƙatarta take ja. Kafin a biya, a gwada rubutun OUTPUT na cajar da INPUT na ƙarƙashin kwamfutar.