Me Ya Sa Manhajojin Harshe Ke Kuskuren Lissafi?

Manhajojin harshe irin su ChatGPT ba sa karanta rubutu harafi bayan harafi. Kafin rubutu ya isa gare su, ana daddatsa shi gutsure-gutsure, a ba kowane gutsure lamba. Gutsuren kan zama kalma sukutum ko wani ɓarinta. Saboda haka in aka ce manhaja ta ƙirga "r" a cikin strawberry, ba haruffa goma take gani ba, gutsure biyu ko uku ne. A 2024 an sha ganin ta amsa da biyu, alhali uku ne.

Lissafi ma haka. Doguwar lamba kan tsinke a wurin da bai dace da gidan ɗaya, goma da ɗari ba. Ga kuma babbar matsalar: aikin manhajar hasashen gutsure na gaba ne. 7 sau 8 ta gan shi ba adadi, ta haddace. Amma 4,837 sau 2,916 sai an bi shi gida-gida ana riƙe ragowa. Nan sai ta kawo amsa mai kama da gaskiya, farko da ƙarshe daidai, tsakiya a ɓace.

Maganin shi ne a haɗa ta da kalkuleta ko Python. Ita ta rubuta umarni, kwamfuta ta aiwatar:

```python
print(4837 * 2916)
print("strawberry".count("r"))
```

Amsa ta dawo 14,104,692 da 3. Sai dai in manhajar ta kwafi lamba ba daidai ba, kalkuleta ba zai gyara mata ba.