Shafi ɗaya da zai yi magana a madadin mai abincin biki

Ranar aiki, mai dafa abincin biki ba ta da hannun riƙe waya. Tana gaban tukunya tun asuba. Ƙanwarta ce ke amsa saƙonnin WhatsApp, wani yaro a shagon buga takardu ne ke tsara sitikar da za a manna a robobi, mai adaidaita sahu ne ke miƙa kuloli a ƙofar gidan biki. Dukkansu da sunanta suke aiki, kowa da irin fahimtarsa. Shi ya sa za ka ga sitikar wannan watan ja ce, ta watan jiya ruwan hoda, kuma kwastoma ɗaya yau an ce mata "Hajiya, barka da yini", gobe an jefa mata farashi babu ko sallama.

Maganin abin takarda ce guda, girman A4, mai ɗauke da launin sana'ar, da tambarinta, da irin maganar da ake yi da sunanta. Manyan kamfanoni littafi guda suke yi a kan wannan, amma mai tukwane huɗu da 'yan aiki uku shafi ɗaya ya ishe ta, don abin da ya wuce haka ba wanda zai karanta ana cikin tuya waina. Kuma ba don ita ake rubuta shi ba, ita ta san abin da take so. Don waɗancan mutanen ne. Saboda haka duk layin da ba zai raba gardama ba idan ba ta nan, bai cancanci shiga shafin ba.

Mu ɗauki misalin wata a Kano da ke yin abincin biki, suna da tarukan ofis: shinkafa, waina da miyar taushe, funkaso, dambun nama, da zoɓo a gora. A saman shafinta layi biyu ne: sunan sana'ar yadda ake rubuta shi harafi da harafi, sai jimla ɗaya ta abin da take yi, kamar "Abincin gida na taro, daga mutum 20 zuwa 300, a cikin Kano." Wannan jimlar kaɗai ta sanar da ƙanwar cewa odar mutum biyar ba tasu ba ce.

Sai launi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "ja da ruwan madara" a tsaya nan. Jan tumatir daban, jan zoɓo daban, kuma mai zane zai ɗauki wanda ya fi kusa da hannunsa. Kowane launi a kwamfuta yana da lamba mai alamomi shida, ita ake rubutawa kusa da ɗan murabba'in launin. Tata ta zaɓi uku: jan zoɓo mai duhu, #7A1F2B, na tambari da kanun rubutu; ruwan madara, #F6EBD9, na bango; sai baƙi-baƙi, #2B2320, na ƙananan rubutu kamar farashi da lambar waya. Da an liƙa lambar a Canva ko CorelDRAW, launin zai fito daidai. Ta kuma rubuta wanda ke hawa kan wane: rubutu mai duhu a kan madara, ko madara a kan ja, amma kada a ɗora baƙi a kan jan, don daga taku biyu ba a karanta shi.

Akwai tarko ɗaya. Fuskar waya da haske take haɗa launi, tsarin da ake kira RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, wato CMYK, kuma tawada ba ta iya kamo duk hasken da waya ke nunawa. Ja mai sheƙi a waya yakan fito a dushe a takarda. Ruwan zinare da mata da yawa ke so ya fi ba da kunya: in ba an yi masa bugu na musamman mai ƙyalli ba, rawaya mai datti yake fitowa. Don haka a sa mai bugawa ya fitar da gwaji ɗaya kafin dubu, a duba shi a hasken rana, in ya yi a manna wannan sitikar a jikin shafin ta zama ma'auni. A kuma rubuta cewa sitikar gorar zoɓo ta leda ce, domin gora mai sanyi tana gumi, ta takarda kuwa sai ta jiƙe ta saɓule kafin a kai gidan biki.

Tambari da salon harafi ba su buƙatar dogon bayani. WhatsApp da Instagram a da'ira suke nuna hoton shafi, don haka tambari mai faɗi sai an yanke masa gefe. A tanadi ƙarami mai shiga da'ira. Kafin a zaɓi salon harafi a gwada rubuta "ɗanɗano", "ƙosai" da "zoɓo" da shi. Da yawa daga cikin masu ƙawa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ka ga ɗan akwati a gurbin ƙ. Noto Sans yana da su duka.

Rabin shafin na ƙasa na magana ne, kuma a ganina nan ne kuɗin yake. Murya ita ce halin sana'ar da ba ya canzawa. Rubuta "muna da ladabi da fara'a" ba ya amfanar kowa, don kowa yana ganin yana da su. Hukunci ake rubutawa: ana fara kowane saƙo da sallama, ana ce wa babba Hajiya, Alhaji ko Malam, ana ce masa "ku", ana cewa "mu", ba "ni" ba, ana amsawa da harshen da kwastoma ya fara, ana faɗin farashi kai tsaye, ba a ce "zo ta sirri" ba. Sai kalmomin da aka hana, irin su "ba laifinmu ba ne".

Lafazi kuwa yana bin yanayi. Mai odar kamun amarya ana iya yi mata raha, a ce Allah ya sanya alheri. Wanda ke neman waina da kunu na sadakar bakwai ba a aika masa hoton dariya ko tallan rangwame. A shafin an rubuta masa nasa: "Allah ya jiƙan rai, ya ba ku haƙuri. Ku faɗa mana yawan mutane da lokaci, sauran ku bar mana." Ma'aikacin ofis kuma gajeren saƙo yake so, mai adadi, lokaci da rasit.

Wurare biyu ne baki ya fi suɓucewa, kuma dole a rubuta jimlolinsu cikakku. Na farko neman kafin alƙalami, inda kunya ke sa yarinya ta yi ta kewaye-kewaye har a shiga kasuwa da kuɗin gida. Shafin ya ce: "Hajiya, muna riƙe rana ne idan an ba da rabin kuɗi, ragowar kwana biyu kafin taro." Na biyu ƙorafi. Idan abinci ya makara, tsarin shi ne a amsa laifi, a faɗi gaskiyar lokaci, a faɗi gyara: "Mun makara, ku yi haƙuri. Abinci yana hanya, zai iso ƙarfe biyu da rabi, kuma mun cire kuɗin kawowa." Ba a kawo zancen cunkoson hanya ko ƙarewar gas, uwar amarya da baƙi ke zaune a tsakar gidanta ba wannan ta tambaya ba. Waɗannan jimlolin ana iya adana su cikin amsoshin gaggawa na WhatsApp Business, da an danna / su fito.

Kafin a ce shafi ya kammala, a miƙa shi ga wanda bai san sana'ar ba, a ce ya amsa saƙon mai ƙorafi, ya kuma tsara tallan azumi. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, akwai giɓi a wurin, sai a cike. Daga nan a sa kwanan wata a ƙasa, a mai da shi PDF a tura wa mai bugawa da mai riƙe waya, a lulluɓe kwafi ɗaya da leda a rataye a kicin nesa da murhu.