Wakili Ba Ɗan Aike Ba Ne: Fassara Muƙami A Ƙasan Imel

Ɗalibin da ke neman gurbin karatu a Saudiyya zai iya samun amsar imel ɗinsa ɗauke da sa hannu kamar haka:

أ.د. فلان بن فلان
وكيل الجامعة للدراسات العليا والبحث العلمي

Layi biyu ne kacal, amma kowanne da tarkonsa. Haruffan farkon nan, alif da dal, taƙaitawa ce ta "Ustaz Dakta". A wurinmu Ustaz malamin addini ne, ko na Islamiyya. A jami'o'in Larabawa kuwa shi ne ƙololuwar muƙamin koyarwa, wato Farfesa. Ƙasa da shi akwai ustaz musharik, sannan ustaz musa'id, wanda galibi mai digirin dakta ke farawa da shi. Saboda haka Prof. za a rubuta da Turanci, da Hausa kuma Farfesa Wane.

Layi na biyu ya fi haɗari, domin kalmar tamu ce. Kunnen Bahaushe na jin wakili sai ya kawo wanda aka tura taro a madadin wani. Wannan mutumin kuwa mataimakin shugaban jami'a ne, mai kula da karatun gaba da digirin farko da bincike. Haka wakilul wizara a ma'aikatunsu yake, kusa da babban sakatare a namu tsarin. Wanda ya ce masa wakilin ma'aikata ya sauke shi daga kujerarsa.

Daga namu ɓangaren ma ana tuntuɓe. A Najeriya Vice-Chancellor shi ne shugaban jami'a mai cikakken iko, Chancellor kuwa uban jami'a ne, sau da yawa basarake, wanda aka fi gani ranar yaye ɗalibai. Mai fassara da ya bi kalma ya rubuta "na'ib" da Larabci, ya mai da shugaba mataimaki, sai masu karɓar wasiƙa su zauna jiran sa hannun wani na sama da shi. Ra'isul jami'a ko mudirul jami'a ake rubutawa.

Laƙabin girmamawa kuma ba a musayarsa kai tsaye. Larabawa na cewa ma'ali ga minista, sa'ada ga jakada, fadila ga malamin addini. Mu kuma Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna, Mai Girma na gwamna, Mai Shari'a na alƙali. Matsayin mutumin ake dubawa, a ba shi abin da ake ba takwaransa a harshen da ake fassarawa. Kuma wurin laƙabi shi ne gaisuwar buɗe wasiƙa. Ni dai ba na ganin ya dace mutum ya kira kansa Mai Girma a sa hannunsa.

Kafin ka fassara muƙamin kowa, buɗe shafin hukumarsa ka ga yadda su da kansu suke rubuta shi da Turanci, kuma wane ne a sama da shi. In shakka ta rage, tambayi sakatarensa kafin ka aika.