Murar da Ba Ta Warkewa

Ƙanena yana harkar hatsi a kasuwar Dawanau, kuma shekara huɗu a jere, da zarar sabon gero ya shigo, sai ya kira ni da murya a shaƙe. "Yaya, murar nan ta dawo." Daga Oktoba za a fara, har hunturu ya wuce hankici bai bar aljihunsa ba. Ya sha kafso, ya sha citta da lemon tsami, ya daina wanka da ruwan sanyi, Inna ta hana shi kwana ƙarƙashin fanka. Duk a banza. Abin da ya sa kuwa, ba mura ke damunsa ba.

Mura ƙwayar cuta ce, irin wadda likitoci ke kira bairos, kuma ire-irenta sun haura 200. Daga wani ake ɗaukarta, ta atishawa ko tari ko musafaha, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ta bayyana. Tana kuma da tafiya. Ranar farko maƙogwaro ne ke ƙarta, jiki ya yi nauyi. Kashegari hanci ya ɓalle kamar famfo. Zuwa kwana na uku ko na huɗu majinar ta yi kauri, ta koma rawaya ko koriya, tari ya biyo baya. Cikin kwana 7 zuwa 10 ta yi sallama, ko an sha magani ko ba a sha ba, sai ɗan tarin da kan jima a baya.

Alaji kuma, wanda wasu ke haɗawa da borin jini, babu ƙwayar cuta a cikinsa. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba: bununin gero da dawa, garin furen ciyawa, ƙurar hatsi, funfuna. Da abin ya taɓa cikin hanci, jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da ruwan hanci cikin 'yan mintuna. Shi ya sa alaji ba ya da tafiya irin ta mura. Yadda ya fara ran Litinin haka za ka same shi bayan sati shida, majinar nan fara tas kamar ruwa, muddin abin da ke tayar da shi yana nan.

Ma'aikaciyar lafiyar da ta gane matsalar ƙanena ba ta yi masa wani gwaji ba. Tambayoyi ta jera masa. Idonka yana ƙaiƙayi? Ya ce kamar an zuba masa yashi, har can cikin kunne da maƙogwaro yake jin abin. Atishawar ɗaya-ɗaya take zuwa? Ya ce ina, sai ya jera goma bai numfasa ba. Zazzaɓi fa, ko ciwon gaɓoɓi? Babu. Sai ta yi tambayar da ni a ganina ta fi duka nauyi: "Alhaji, a gidanka wa ya ɗauka?" Ya yi shiru. Mata da yara uku, ɗaki a rufe saboda sanyi, wata huɗu cur, babu wanda ya ɗauka. Murar gaske ba ta da wannan kawaici. In ta shiga gida sai ta zaga ɗaki-ɗaki.

Daga nan ya fara tuna abubuwan da bai taɓa haɗawa ba. Ranar Juma'a da ba ya daɗewa a kasuwa hancinsa kan lafa. Ranar da ake juye buhuna a sito kuwa, kafin azahar idanunsa sun kaɗa. Da ya yi kwana biyar a Legas wajen biki, ya manta ma yana da hanci. Hausa ta riga ta faɗa mana, mu ne ba mu lura ba: sunan abin da ke tashi in ana shiƙar gero ƙaiƙayi.

Akwai abubuwa biyu da ke ruɗa mutane. Na farko ƙwayar mura da ake saye a kemis. Yawancinsu haɗi ne, da farasitamol da maganin toshewar hanci da kuma maganin da ke danne histamin. Mai alaji in ya sha sai ya ji sauƙi, ya ce ai ga shi, mura ce. Da ƙarfin maganin ya sake shi, atishawa ta dawo, ya ce sabuwa ce ta kama shi. Na biyu launin majina. Ana ganin ta yi kore sai a ruga sayen kafso, alhali wannan canjin launi a tsakiyar mura aikin ƙwayoyin garkuwar jiki ne. Kafso ba ya kashe bairos, balle ya hana histamin fita.

Sai dai a yi adalci, ba duk atishawar hunturu ce alaji ba. Hazon da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, yana busar da hanci yana ƙartarsa ko ga wanda ba shi da alajin komai. Irin wannan yakan zo da toshewa da yoyo, amma ƙaiƙayin ido kaɗan ne. Kuma mai alaji ma yana yin mura. Yaro ƙarami kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, har uwa ta ga kamar guda ce ba ta tafi ba. Abin dubawa a nan shi ne ko ana samun kwanakin da hanci ke bushewa sarai a tsakani.

Abin da aka ɗora ƙanena a kai ba shi da yawa. Setirizin, miligiram 10 sau ɗaya a rana, ko loratadin in wancan na sa shi gyangyaɗi. An hana shi firiton da rana, domin yana tuƙa babur, shi kuwa barci yake sawa. An ba shi maganin fesawa a hanci mai rage kumburi, aka ja masa kunne cewa sai ya yi kwanaki, wani lokaci har sati biyu, kafin ya ga cikakken amfaninsa, don haka ya fara tun kafin hatsi ya shigo. Ya sa takunkumi in ana juye buhu, ya wanke fuska da hanci, ya canza riga kafin ya shiga ɗaki. Maganin ɗigawar nan mai buɗe hanci nan take, wanda ya shafe wata biyu yana amfani da shi, aka ce ya ajiye: in aka wuce 'yan kwanaki ana ɗiga shi, shi da kansa ke mayar da toshewar, har ta fi ta da.

Wasu alamun kuma ba na zaman gida ba ne. Zazzaɓi mai zafi a ƙasarmu, a fara da gwajin maleriya. Numfashi mai fito ko ƙirji ya ɗaure da dare na iya zama asma, wadda kan yi tafiya tare da alaji. Majina mai kauri da ta wuce kwana goma tare da ciwon goshi ko kunci, ko tarin da ya haura sati biyu, duk na likita ne. Yaron da hancinsa guda kaɗai ke zubar da majina mai wari, a duba ko ya cusa wake ko dutsen ado a ciki.

Bana da gero ya shigo na jira wayar ban ji ba, sai ni na kira. Yana cikin sito, muryarsa garau ta bayan takunkumi, yana faɗa da wani ɗan dako a kan buhun da ya fashe.